Gobarar shago: abin da wasiƙar farko zuwa kamfanin inshora za ta faɗa, da abin da za ta bari a buɗe

Ƴan kasuwar Yamai ba sa bukatar a yi musu bayanin gobara. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, aka ɗauki shekaru kafin a sake gina ta; Ƙaramar Kasuwa ta bi sahu a 2012; kuma da wuya hunturu ya wuce ba a ji labarin wani shago ko wata magaza da wuta ta cinye ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne abin da ke biyo baya, ga ƴan ƙalilan da suka yi wa dukiyarsu inshora, wato asiransi. Sai ka ji an ce wane yana biyan kuɗinsa kowace shekara amma an ba shi rabin asararsa, ko an ce ya makara, ko an ce maganarsa ta farko ta saɓa da ta biyu. Da yawa daga cikin waɗannan rigingimu suna da tushe a takarda guda: wasiƙar da mai shago ya fara rubuta wa kamfani a kwanakin farko, lokacin da hankalinsa bai gama dawowa jikinsa ba, masu jaje na ta sallama, kowa na faɗar abin da yake ganin ya tayar da wutar.

## Mece ce wannan wasiƙa

Takardu biyu ne mutane kan haɗa su zama ɗaya. Ta farko ita ce sanarwar asara. Aikinta ta shaida wa kamfani cewa gobara ta faru a wuri kaza, rana kaza, ta taɓa dukiyar da ke cikin yarjejeniya mai lamba kaza, domin kamfani ya buɗe fayil ya turo mai ƙiyasi. Ta biyu ita ce lissafin asara, inda ake jera kaya ɗaya bayan ɗaya, buhu nawa, katan nawa, a kan nawa aka sayo, haɗe da rasidai. Wannan ta biyu tana zuwa daga baya, kuma yarjejeniya ce ke faɗar wa'adinta. Wanda ya ɗauka sai ya gama lissafi kafin ya sanar, yakan makara. Wanda kuma ya cusa lissafin zato a cikin sanarwa, yakan ɗaure kansa da adadin da ba zai iya karewa ba.

Mai ƙiyasi, wanda a ofis ake kira eksper, shi ne masanin da kamfani ke ɗorawa ya duba wurin, ya nemi inda wutar ta faro, ya auna ɓarnar. Kamfani ke biyansa. Mai shago ma yana da damar ɗaukar nasa, kuma yawancin yarjejeniyoyi sun tanadi na uku idan biyun suka saɓa.

Dokar da ke kan wannan duka ba ta Nijar kaɗai ba ce. Kundin inshora ne na Sima, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai tsara harkar inshora, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, kundin ya fara aiki a watan Fabrairu 1995, yana kuma aiki a ƙasashe 14, Nijar na cikinsu. Don haka ƙa'idar da ke kan mai shago a Wadata ita ce ke kan takwaransa a Tawa, ko a Dakar.

## Kwana biyar, da yadda ake ƙirga su

Aya ta 12 ta kundin ta wajabta wa mai inshora ya sanar da kamfani da zarar ya samu labarin asarar, kuma kada ya wuce wa'adin da yarjejeniya ta yanke. Ta ƙara da cewa wannan wa'adi ba zai gaza kwanakin aiki biyar ba. Kamfani na iya ba da fiye da haka, amma ba ya iya ragewa. Idan kuwa sata ce, wa'adin awa 48 ne.

Abubuwa biyu ne a lura da su. Ƙirgar tana farawa daga lokacin da mai shago ya sani, ba daga lokacin da wutar ta tashi ba. Wanda ke hanyar Kwatano ko Lome wajen sarin kaya, wayarsa ba ta shiga, yana da hujja idan ya rubuta ranar da labarin ya same shi da kuma wanda ya faɗa masa. Na biyu, kwanakin aiki ake nufi, ba a sa ranakun hutun mako da na sallah. Idan aka tashe ka ƙarfe uku na daren Talata wayewar Laraba, ka ƙirga Laraba, Alhamis, Juma'a, Litinin, Talata, ka ɗauki Talatar a matsayin iyaka. Akwai masu fara ƙirga daga washegari, abin da zai ba ka ƙarin kwana guda, amma babu dalilin jingina da shi tunda takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba.

Makara ba ta kashe hakki kai tsaye, ko da yake haka mutane da dama suka ɗauka. Aya ta 20 ta ce kamfani ba zai hana biya saboda makara ba sai an rubuta wannan hukunci a cikin yarjejeniya, kuma sai kamfanin ya tabbatar da cewa makarar ta cutar da shi. Ba zai kuma yi amfani da ita ba idan wani abu da ya fi ƙarfin mutum ne ya jawo jinkirin, kamar wanda ya ƙone yana kwance a asibiti. Sai dai a gobara tabbatar da cutarwa ba wuya gare shi ba. Idan mai ƙiyasi ya zo bayan mako uku ya tarar an share toka, an sayar wa masu ƙarfe kwanon rufi, an sauya wayoyi, ya isa ya ce an hana shi ganin inda wutar ta faro.

Kafin duk wannan akwai wata tambaya da ma'aikacin kamfani zai fara duba amsarta tun bai gama karanta wasiƙar ba: an biya kuɗin inshorar bana? Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, kariya ba ta fara aiki sai an biya. Zamanin "ka rubuta mini, zan kawo ƙarshen wata" ya wuce. Shi ya sa rasidin biya yake cikin abubuwan da ya dace a maƙala wa wasiƙar, idan bai ƙone tare da kayan ba.

## Misali: shagon kayan masarufi

A ɗauki mai shago a unguwar Wadata, yana haya, yana sayar da shinkafa, sukari, mai, madara, tumatirin gwangwani da taliya, da firigo biyu a kusurwa. Yarjejeniyarsa ta rufe haja har sefa miliyan 12, kayan aiki miliyan 2, da alhakinsa ga mai gida da maƙwabta. Azumi ya kusa, don haka ya cika shagon fiye da yadda ya saba. Mai gadin layin ya kira shi cikin dare. Da ya iso, ƴan kwana-kwana na zuba ruwa, an ɓalle ƙofa, jama'a sun fitar da abin da suka iya sun tara a bakin titi. Da gari ya waye, sukarin ya narke ya daskare baƙi ƙirin a kan siminti, gwangwanaye sun fashe, buhunan shinkafar da wuta ba ta kai gare su ba sun sha ruwa sun kumbura. Rufi ya rufta ta gefen firigo. Shagon telan da ke jikinsa ya ƙone rabi. Kowa na cewa kuran ne, don an ɗauke wuta da daddare an dawo da ita.

Ga irin abin da wasiƙarsa za ta ƙunsa, bayan suna, lambar yarjejeniya, adireshin shago da kwanan wata:

"Ina sanar da ku cewa gobara ta tashi a shagona a daren Talata wayewar Laraba. Na rufe shagon da kaina wajen ƙarfe tara na dare, firigo biyu na kunne kamar kullum. Mai gadin layinmu ya kira ni wajen ƙarfe uku, a lokacin na sami labari. Da na iso, ƴan kwana-kwana suna wurin, an ɓalle ƙofar gaba. Sun gama kashe wutar bayan sallar asuba. Babu wanda ya ji rauni.

"Abin da na gani da idona: haja ta ɓangaren baya ta ƙone, ta gaba ruwa da hayaƙi sun ɓata mafi yawanta, firigo biyu da kantoci sun ƙone, rufin ya faɗi a gefe ɗaya. Ginin ba nawa ba ne, haya nake. Shagon da ke hannun dama shi ma wuta ta taɓa shi.

"Abin da aka faɗa mini: mai gadi ya ce an ɗauke wutar lantarki da daddare, aka dawo da ita kafin ya ga hayaƙi. Ni ban shaida wannan ba.

"Abin da ban sani ba tukuna: ban san abin da ya tayar da wutar ba, ban kuma san ko a shagona ta faro ko a wani wuri ba. Ban gama ƙirga asara ba, domin littafin haja da yawancin rasidai sun ƙone, ina neman kwafinsu wurin waɗanda nake saro kaya. An fitar da wasu kaya waje lokacin kashe wuta, ban tabbatar ko duk sun dawo ba. Rahoton ƴan kwana-kwana da na ƴan sanda bai fito ba, zan kawo su da zarar na karɓa.

"Na kai kayan da suka tsira wata magaza, na ɗauki hotonsu, ban taɓa wurin da ya ƙone ba. Ba ni da wata inshora a kan wannan dukiya. Ina roƙon ku turo mai ƙiyasi da gaggawa, ku kuma sanar da ni a rubuce takardun da kuke bukata. Zan kawo cikakken lissafi, kuma ina riƙe da damar ƙara bayani a kan wannan sanarwa."

Ƙarfin wannan wasiƙa yana cikin rabon da ta yi: abin da mutum ya gani daban, abin da ya ji daban, abin da bai sani ba daban. Duk wanda zai karanta fayil ɗin nan gaba, mai ƙiyasi ne, lauya ne ko alƙali, zai gwada ta da rahotannin da suka zo daga baya. Jimlar da ta ce "ban sani ba" babu rahoton da zai ƙaryata ta.

## Me ya sa ba a rubuta "kuran ne"

Nan ne mafi yawan masu shago ke zamewa, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum yana ganin idan bai faɗi dalili ba za a zarge shi da ɓoye wani abu, sai ya rubuta abin da ya ji a bakin masu jaje.

Ya kamata a fara da abin da ke kwantar da hankali. Aya ta 11 ta ɗora wa kamfani asarar da ta faru bisa tsautsayi, har da wadda sakacin mai inshorar ya jawo, sai dai idan an fitar da wani abu a fili a cikin yarjejeniya. Abin da ba ya biya shi ne wanda mutum ya aikata da gangan. Aya ta 32 kuma ta shigar da laifin waɗanda ke ƙarƙashinsa, kamar yaron shago da ya manta da maganin sauro a kunne. Saboda haka mai shago ba ya bukatar ya nemo dalilin da zai wanke shi kafin a biya shi. Abin da ke kansa shi ne ya nuna gobara ta faru ta ci dukiyar da aka yi wa inshora. Kamfanin da ya ce an cinna ta da gangan, shi zai kawo hujja.

To ina illar zato? A dubi mai shagonmu. Idan ya rubuta cewa dawowar kuran ce ta ƙona firigo wuta ta kama, sannan mai ƙiyasi ya gano wutar ta faro daga shagon tela, ya riga ya sa hannu a takardar da ke cewa daga wurinsa ta tashi. Mai gida da tela za su nemi diyya, kuma ga mai haya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a dokar farar hula da Nijar ta gada, mai haya ake fara tuhuma da gobarar ginin da yake ciki, sai ya nuna tsautsayi ne da ya fi ƙarfinsa, ko aibin gini, ko daga maƙwabta wutar ta tsallako. Da hannunsa ya raunana hujja ta uku. Idan kuma ya juya ya rubuta cewa dutsen gugar tela ne, ba tare da ya gani ba, ya zargi maƙwabci a rubuce. Wannan zargi ba ya tsayawa a takarda, domin aya ta 42 ta ba kamfanin da ya biya damar bin wanda ya jawo asarar ya karɓi kuɗinsa.

Akwai kuma bambanci tsakanin gobara da lalacewar na'ura. Firigon da ƙarfin kuran ya ƙona injinsa ba tare da harshen wuta ya tashi ba, yawanci yana ƙarƙashin wata kariya daban da ake saya a kan ta gobara. Kalma ɗaya a wasiƙa na iya tura wani ɓangare na asarar cikin rukunin da mutum bai saya ba.

Haka batun neman sulhu da maƙwabci. Al'ada ce mai kyau mutum ya je ya yi wa tela jaje, ya ce Allah ya mayar da alheri. Amma ya ce masa a gaban shaidu "laifina ne, zan biya ka", ko su rubuta wata takarda a ofishin shugabannin kasuwa, wannan wani abu ne daban. Aya ta 53 ta yarda kamfani ya sa sharaɗin cewa amsa laifi ko sulhun da aka yi ba da saninsa ba bai hau kansa ba. Ayar dai ta bambanta amsa laifi da faɗar abin da ya faru: cewa firigo na kunne ba amsa laifi ba ne.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin ɓoye gaskiya. Idan akwai gurup a bayan shago da jarkar esans a gefensa, wannan abu ne da mutum ya sani, kuma mai ƙiyasi zai ga gawarsa a cikin toka. A rubuta shi a cikin abubuwan da ke wurin. Idan ba a taɓa sanar da kamfani da shi ba, ana iya rage diyya gwargwadon ƙarin kuɗin da ya kamata a biya tun farko. Wannan ya fi sauƙi a kan a kama mutum da ƙarya bayan gobara, domin kusan kowace yarjejeniya tana da sharaɗin da ke zubar da hakki gaba ɗaya ga wanda ya yi ƙarya da sani a kan dalili ko girman asara.

## Adadin kuɗi: tarkon sama da na ƙasa

A bakin titi ana cewa ka faɗi da yawa, tunda za su rage. Ga yadda lissafin yake tafiya a zahiri.

Aya ta 31 ta ce diyya ba ta wuce darajar kayan a lokacin asara. Ga haja, abin da ake dubawa shi ne kuɗin saro ta, ba kuɗin sayarwa ba. Ribar da za a ci a azumi ba ta ciki, sai ga wanda ya sayi kariyar tsayawar kasuwanci. Sannan ga aya ta 35, wadda ta fi kowace ba mutane mamaki: idan darajar kayan a ranar gobara ta wuce adadin da aka yi wa inshora, ana ɗaukar mai shago a matsayin wanda ya ɗauki nauyin rarar da kansa, sai a raba asarar daidai da haka, sai dai in yarjejeniya ta yafe wannan ƙa'ida.

Mai shagonmu ya yi inshorar miliyan 12, amma a daren gobara hajarsa ta kai miliyan 20. Ta miliyan 15 ta lalace, ta miliyan 5 ta tsira. Ba za a ba shi 15 ba, ba kuma 12 ba. Kashi 12 cikin 20 na dukiyar ne ke da kariya, don haka kashi 12 cikin 20 na asarar za a biya, wato miliyan 9, a cire ɗan kason da yarjejeniya ta bar wa mai inshora a kowace asara. To da a ce ya bi shawarar bakin titi ya rubuta cewa yana da hajar miliyan 30 a shagon, mai ƙiyasi kuma ya ƙirga gwangwanaye da ragowar buhuna ya tsaya a kan asarar miliyan 15, ya miƙa wa kamfani hujjar lissafa 12 cikin 30, abin da zai ba shi miliyan 6. Zai iya jayayya ya ce kuskure ya yi, amma daga nan duk wata takarda da ya kawo da ido biyu za a dube ta.

Tarkon ƙasa shi ne na mai kunya ko mai gaggawa, wanda ya leƙa ya ce asarar za ta kai miliyan 5, don bai lissafa shinkafar da ta sha ruwa ba. Alhali aya ta 47 ta ɗauki ɓarnar da aikin ceto ya jawo daidai da ɓarnar wuta: ruwan ƴan kwana-kwana, ƙofar da aka ɓalle, bangon da aka fasa. Idan bayan wata guda ya kawo lissafin miliyan 15, sai a tambaye shi daga ina sauran suka fito.

Wasu kamfanoni suna da fam mai gurbin ƙiyasi, ma'aikaci ya ce sai an cike. A irin wannan hali a rubuta adadin a matsayin ƙiyasin wucin gadi kafin ƙirga, a kuma faɗi abin da aka dogara da shi, misali sarin da aka yi a makonni biyu da suka wuce.

Kayan da suka ɓace a cikin turmutsutsu suna da nasu hukunci. Aya ta 48 ta ce kamfani ne ke ɗaukar kayan da suka ɓace lokacin gobara, sai in ya tabbatar sata ce. Wanda ya rubuta "ɓarayi sun kwashe katan ashirin na madara" ba tare da ya gani ba, ya yi wa kamfani aikin da doka ta ɗora masa. Wanda kuwa ya ga sata da idonsa, ko aka kama wani, sai ya faɗa, ya kai ƙara komisariya, ya kuma tuna wa'adin sata awa 48 ne idan yana da kariyarta. Kayan ajiya na wasu, da tsabar kuɗin da ke cikin akwati, a ambace su daban, don sau da yawa ba sa cikin kariya sai an rubuta su tun farko.

## Hannun da za ta shiga

Wasiƙa mai kyau da ba a iya tabbatar da an karɓe ta ba, da ita da babu duk ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi kwafi biyu, a kai ofishin kamfani, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Kiran waya da saƙon murya suna da amfani wajen gaggauta zuwan mai ƙiyasi, amma ba sa maye gurbin wannan hatimi.

A kuma san wa aka ba. Wakilin kamfani yana tsaye ne a madadin kamfanin. Dillalin inshora kuwa, a asali, wakilin mai saye ne, don haka ajiye takarda a teburinsa ba lallai ya zama an sanar da kamfani ba. Mai shago a Tawa, wanda hedkwatar kamfaninsa ke Yamai, ya nemi dillalin ya nuna masa shaidar cewa takardar ta isa.

Kusan duk waɗannan wasiƙu da Faransanci ake rubuta su, kuma sau da yawa ba mai shagon ke riƙe da alƙalami ba: ɗansa ne, ko dillali, ko ma'aikacin kamfani da ke cike fam yana tambaya. A nan ne "an ce" kan rikiɗe ya zama "na gani". Kada a sa hannu sai an karanta wa mutum ita da Hausa, jimla bayan jimla.

## Yadda ɓangarorin ke kallon abin

Ƴan kasuwa suna ƙorafin cewa kwana biyar sun yi kaɗan ga wanda dukiyarsa ta zama toka, cewa takardun da harshen da ba nasu ba ne, kuma ana neman rasidai a kasuwar da rabin cinikinta amana ce da baki. Suna kuma cewa kowace ranar jiran mai ƙiyasi rana ce ta asara: mai gida na son gyara, shugabannin kasuwa na son a kwashe shara. Wannan ƙorafi yana da tushe.

Kamfanoni na cewa shaidar gobara tana gushewa da sauri, kuma kuɗin da suke biya na sauran masu inshora ne, don haka dole su tantance. Suna nuna cewa gobarar ganganci da kumbura lissafi abubuwa ne da ke faruwa, shi ya sa suke gwada maganar farko da ta ƙarshe. Wannan ma gaskiya ne, ko da yake yakan sa mai gaskiya ya sha tambayoyin da ba don shi aka tsara su ba.

Kundin ya bi tsakiya. Ya matsa wa mai shago ya yi sauri wajen sanarwa, amma bai nemi ya san komai ba. Aya ta 20 ta soke duk sharaɗin da ke zubar da hakki saboda jinkirin kawo takardu kawai. Iyakar abin da kamfani zai nema shi ne diyya daidai da cutar da jinkirin ya yi masa. Aya ta 8 kuma ta ce sharuɗɗan hana biya ba su da ƙarfi sai an rubuta su da haruffan da suka fito fili sosai.

## Abin da ke biyo baya

Idan mai ƙiyasi ya yi jinkiri kuma dole a taɓa wurin, misali rufi na barazanar faɗa wa mutane, ana iya ɗaukar wusiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida a hukumance, ya zo ya rubuta halin da ya tarar, da hotuna, kafin a motsa komai, a kuma sanar da kamfani a rubuce. Kuɗinsa daga aljihun mai shago ne, amma takardarsa tana da nauyi a gaban alƙali. Kontar da wayoyin da ke kusa da inda aka fi ƙonewa, kada a cire su a jefar.

Rasidan da suka ƙone ana iya farfaɗo da su daga wurin manyan ƴan kasuwar da aka saro kaya, daga takardun duwan ga mai shigo da kaya, daga bayanan banki ko na tura kuɗi ta waya. Gaggauta wannan aiki yana da dalili na doka. Agogon da ke kan kamfani ba ya fara tafiya daga wasiƙar farko, sai daga ranar da aka miƙa lissafin asara da hujjojinsa. Aya ta 46 ta ce idan wata uku suka cika ba a gama ƙiyasi ba saboda kamfani ko masaninsa, mai inshora na iya aika gargaɗi a hukumance kuɗin jinkiri ya fara hawa, idan kuma aka kai wata shida kowane ɓangare na iya zuwa kotu. Akwai kuma sashen kula da harkar inshora a ma'aikatar kuɗi, inda ake kai koke.

Shi ma mai shago yana da nasa agogon. Aya ta 28 ta ba da shekara biyu kacal don neman hakki. Naɗa mai ƙiyasi yana katse wannan ƙirga, haka ma wasiƙar neman biya da aka aika ta gidan waya da shaidar karɓa. Zirga-zirga zuwa ofis da alƙawarin "ka dawo mako mai zuwa" ba sa katse ta.